Darasin da 'yata ta gwada a kaina

Ni dai iyakar karatuna aji uku na firamare, shi ma an fi ganina a bakin rafi fiye da cikin aji. Turancin da za ku gani a takardar nan ba hannuna ba ne, 'yata ta biyu ta gyara min shi, don labarin nata ne. Amma kun san halin tsoho, sai ya cusa kansa.

Shekara biyu ta yi a gida da takardar shaidar malanta a cikin akwati. Ana ƙarshen noman rani, tumatir ya fara ja, sai aka kira ta gwajin ɗaukar malamai a Kura. Ba rubutu kawai za su yi ba, kowa sai ya tsaya gaban aji ya koyar, manya suna zaune a baya suna ba shi maki. Gurbin Turanci ɗaya ne, su kuma su bakwai. Darasin da ya faɗo mata shi ne kalmomi biyu, "since" da "for", yadda ake amfani da su in za a faɗi daɗewar abin da aka fara a baya kuma har yanzu ana cikinsa.

Ranar Laraba ta kawo min abinci gona, da wani guntun allo a hammata.

"Baba, zauna. Yau kai ne ɗalibina."

"Uwata," haka nake kiranta don sunan mahaifiyata gare ta, "malamai uku na kora da wannan kan. Ke ce ta huɗu?"

Ba ta kula ni ba. Ta rubuta: "The water has been flowing for three hours." Ta ce ma'anarsa ruwa ya yi awa uku yana gudu, ga shi ma bai tsaya ba. Ta sake rubuta: "The water has been flowing since morning", wato tun safe yake gudu. Ta ce inda Bahaushe yake faɗuwa shi ne, mu mukan ce "tun awa uku nake jiranka", sai yaro ya ɗauki "tun" ɗin nan ya ce "since three hours", alhali kuskure ne. Don haka ta shirya wa yara gajeriyar hanya: in ka ga lamba, sa "for", in babu lamba, sa "since".

Ina cin tuwona ina jinjina kai kamar na gane. Gaskiya neman hanyar tsokanarta nake yi.

"To Malama, ni ƙarfe shida na buɗe ruwan nan. Shida lamba ce ko ba lamba ba?"

"Lamba ce."

"To rubuta min."

Ta ɗora alli, ta rubuta "for six o'clock", ta tsaya, ta goge da gefen mayafi. "Since six o'clock" ne daidai, ita ma ta sani sarai. Can kuma da kanta ta tuno "for a long time", ga shi babu lamba a ciki, kuma "for" yake ɗauka. Hanyar da ta kwana uku tana ginawa ta rushe a hannun mutumin da ko sunansa sai ya ciji harshe yake rubutawa. Na so in yi dariya, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Gwajin kuwa ranar Litinin ne.

Abin da ya cece ni mugun halina ne. A wajenmu ruwa layi ake bi, wannan ya shayar, ya rufe, na ƙasa ya buɗe. Ni kuma an san ni da zarce lokaci. In maƙwabcina ya zo a fusace ya ce, "Awa nawa ka yi da ruwan nan?" sai in ce masa, "Ai sai bayan asuba na buɗe." In kuwa ya ce, "Yaushe ka buɗe?" sai in ce, "Ko awa biyu ban yi ba." Kullum amsar ɗaya tambayar nake ba shi, kafin ya gama lissafi albasata ta ƙoshi.

Na ce mata, "Tambaya biyu ce a nan, Uwata, ni na fi kowa sanin bambancinsu, don da su nake cuta. Ɗaya yaushe aka fara, ɗaya an ɗau tsawon wane lokaci. Turawan naki ba su raba su haka ba?"

Ta sake duban allon. Sannan ta fara jefo min lokuta, ni kuma ina yanke hukunci kamar alƙali. Litinin? Ranar farawa ce, "since". Kwana huɗu? Tsawo ne, "for". Bara? Farawa. Shekara goma? Tsawo. Har la'asar muna yi, sau ɗaya tak na faɗi, shi ma barkono ne ya sarƙe ni.

Ranar Litinin na kai ta a babur. Ta ce in tafi, na ce to. Na zagaya bayan ajin na tsuguna ƙarƙashin taga, ina ta taɓa tayar babur kamar ta sace.

Turancin da yawa ya wuce ni, amma na ji ta kafa musu tambayoyin nan biyu, "When did it start?" da "How long?" Tana karanta jimla, yara suna cewa daidai ko ba daidai ba. "My father has been growing onions since twenty years." Aji ya ɗauka gaba ɗaya, ba daidai ba, shekara ashirin tsawo ne, "for twenty years". Na ce a raina, albasata ta shiga makaranta kafin ni.

Sai wata Hajiya mai tabarau cikin masu ba da maki ta miƙe ta karɓi alli. Na leƙa da ido ɗaya. Ta rubuta: "We have been living here since my father died." Ta ce yara su yanke. Suka rabu biyu. Wata yarinya ta ce kuskure ne, ai babu rana, babu ƙarfe, babu shekara. Wannan kuwa ba mu yi shi a gona ba.

'Yata ba ta ba su amsa ba. Ta tambayi yarinyar a hankali, yaushe mutanen nan suka fara zama a gidan? Yarinyar ta ce, lokacin da babansu ya rasu. 'Yata ta ce, to wannan farawa ce ko tsawo? Yarinyar ta rufe baki da hannu ta ce farawa ce, jimlar daidai take.

Ban san sanda na miƙe na ce "Madalla!" ba. Duk aji suka juyo. Hajiyar ta sauke tabarau ta ce, "Baba, lafiya?"

"Lafiya ƙalau, ranki ya daɗe. Tayata ce ta sace."

"Ga ta nan a cike kuwa."

'Yata ta sunkuyar da kai, ta ce mahaifinta ne. Aka sa mai gadi ya raka ni har bakin ƙofa, cikin mutunci dai, yana tura min babur. A can na jira ta har ta fito, na ɗauko ta zuwa gida. Mahaifiyarta kuwa ta ce in aikin nan ya kuɓuce, in san inda zan riƙa cin tuwo.

Sati uku na yi ina lallaɓawa a gidana kamar baƙo. Ranar da aka kafe sunaye ban iya zuwa ba, na tafi gona na zauna. Wajen azahar na hango ta a kan kunyar gona tana tafe da sauri, takalmi a hannu, tana tsallake ruwa. An ɗauke ta, an tura ta wata ƙaramar sakandare a ƙasar Bunkure. Ta durƙusa ta miƙo min takardar ɗaukar aikin. Na karɓa da hannu biyu, na daɗe ina dubawa, sai ta sa hannu a hankali ta juya min ita, ashe a kife na riƙe.