Amsa Tsirara

Yayana ya fi ni lissafi. Wannan sai na faɗa tun farko, domin duk wanda ya ji cewa takardar lissafi ce ta kayar da shi sai ya ɗauka ko daƙiƙi ne. Ba daƙiƙi ba ne. Kafin ka rufe baki da tambaya ya ba ka amsa, yana kallon gefe kamar ka ɓata masa lokaci. Taurin kai ne da shi, da kuma kyan rubutu, su biyun nan ne suka ci shi.

A Ƙofar Gayan gidanmu yake. Babanmu mai zanen riguna ne, shi ake kawo wa yadi ya fitar da aska biyu ko aska takwas da tawada, sannan masu ɗinki su bi da zare. Idan aka dawo da riga ya hango layin tawada yana leƙowa daga ƙarƙashin ɗinki, mayar da ita yake yi, ya ce ba a gama ba. Yaya ya taso a gefen tabarmarsa, ya ɗauko hannun, ya ɗauko halin. Ni ce auta, ni aka bari na yi nisa a boko har na zama malamar lissafi a wata kwalejin horon malamai ta mata wajen unguwar Kongo.

A shekarun da aka yi ta buɗe makarantun firamare a kowace unguwa, Yaya yana riƙon ƙwaryar hedimasta a wata makaranta kusa da gida. Ya ci dukkan takardun jarrabawar shaidar malanta ta Gired Tu, saura lissafi. Ofishin ilimi suka gaya masa a fili: in ya ci a zama mai zuwa za a tabbatar masa da kujerar, in ya sake faɗuwa za a kawo mai cikakkiyar shaida.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wani abokin aikinsa da suka zauna jarrabawar tare a bara. Suna fitowa suka haɗa amsoshi a gindin bishiya, na Yaya daidai, na abokin kuwa rabi duk a karkace. Sakamako ya fito, abokin ya ci, Yaya ya faɗi. Tun daga ranar ya ɗora wa masu duba takardu laifi. Yau ya ce son kai ne, gobe ya ce ba sa karantawa, jefa takardun suke yi sama su ɗauki wadda ta faɗo kusa.

Ni kuwa ina cikin masu duba takardun, ko da yake ba na shiyyarmu ake ba mu ba. Na san yadda ake yi. Amma yaya ƙanwa za ta zaunar da yayanta, mai mata da 'ya'ya, ta ce zo in koya maka? Matarsa ce ta same ni a madafa wata Lahadi da na zo gida, ta ce, "Don Allah ki yi wani abu. Mutumin nan ko tuwo ba ya ci sosai."

Sai na bi ta bayan gida. Bayan la'asar na same shi a zaure, na ce, "Yaya, ɗalibaina sun kasa wata tambaya, ko za ka duba mini?" Tankin ruwa ne, tsawonsa mita biyu, faɗinsa mita ɗaya da rabi, zurfinsa mita ɗaya da ɗigo biyu. Lita nawa zai ci? Maki huɗu.

Ya karɓi fensir ya ɗan yi 'yan ƙananan lambobi a gefen takarda, ya ɗauko kilina ya goge su tas, ya hure, sannan ya rubuta dubu uku da ɗari shida da wannan rubutu nasa mai kama da na ɗab'i. Har da jan layi biyu a ƙasa da rula.

"Wannan ce ta gagare su?" in ji shi.

Na ce, "Daidai ne, Yaya. Amma da ni aka kawo wa takardar nan, ban da abin da zan ba ka."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke Auta, lafiyarki ƙalau?"

Na zauna na bayyana masa. Kafin a ba mu takardu, ana tara mu a ba kowa takardar rabon maki, kowace tambaya an yanka ta gunduwa-gunduwa. Akwai makin hanya, muna sa masa harafin M, akwai makin amsa, muna sa masa A. A tankin nan, wanda ya nuna ya ninka tsawo da faɗi da zurfi ya ci makin hanya ɗaya. In ya samu uku da ɗigo shida, ya ci makin amsa. In ya nuna ya ninka da dubu don ya mayar lita, wani makin hanya. In ya ƙare da dubu uku da ɗari shida, ya kuma rubuta lita, makin ƙarshe. Makin amsa kuwa a bayan makin hanya yake tafiya, in ba a ga hanyar ba, ba a sakinsa. A saman takardar jarrabawa an rubuta a nuna dukkan aiki, ba don ado aka rubuta ba.

"To abokin naka," na ce, "a ce ya ninka ya yi tuntuɓe ya samu uku da ɗigo biyu. Hanyarsa daidai ce, ya ci ɗaya. Ya ninka kuskuren nasa da dubu, nan ma hanya daidai, ya ci biyu. Wani lokaci ma takardar rabon maki kan ce a bi shi da kuskurensa, in ya yi aiki da shi daidai a ba shi na ƙarshen. Ka ga ya tashi da biyu ko uku. Kai kuma ko litar ba ka rubuta ba."

"Wato wanda ya ɓata ya fi wanda ya isa gida."

"Mai dubawa bai ga ka iso ba, Yaya. Ya ga lamba ce kawai. Ina ya san ba leƙen na kusa ka yi ba? Ni da kaina na sha ganin yarinya ta yi kuskure biyu, ɗaya ya kashe ɗaya, ta faɗo kan amsar daidai. Ba na ba ta makin amsar, don hanyar ba ta kai can ba."

Kalmar leƙe ce kawai ya ji. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce shi ba a taɓa kiransa ɓarawo ba sai yau, a zauren ubansa, daga bakin yarinyar da ya goya. Ya fita masallaci tun ba a kira magariba ba. Na zauna ina tafasa. Wallahi da ɗaliba ce da na ja kunnenta.

Mako biyu ba ya amsa gaisuwata sai da ka. A na uku ya aiko matarsa ta ce in zo da tsofaffin tambayoyi.

Nan wahalar ta fara. Ya yarda zai nuna aiki, amma sai ya yi shi a wata takarda daban, ya tabbatar, sannan ya kwafe cikin littafi a tsanake, kowace alamar daidai tana ƙarƙashin 'yar uwarta, kowane layi da rula. Tambayar da ya warware kafin in gyara zama, sai ya share kusan rabin sa'a yana yi mata kwalliya.

"Yaya, ka yi shi kai tsaye a cikin littafin amsa."

"In na yi kuskure fa?"

"Ka ja masa layi ɗaya ka ci gaba. Kada ka goge. Abin da aka ja wa layi, in ba ka sake wani a madadinsa ba, ana iya karantawa a ba ka makin hanya. Abin da ka goge ya tafi."

"In miƙa wa mutane takarda da kwatagwangwama kamar kaza ta yi tone-tone? Ni malami ne, Auta."

Na ce masa babu maki ko ɗaya na kyan rubutu a lissafi. Na ce takardun da suka fi cin maki a hannuna wasu ko kallo ba su da daɗi. Na ɗauke kilinar na sa a jakata, ya aiki yaro kanti ya sayo wata. Na yi lallashi, na yi fushi, har na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya. Matarsa ta leƙo daga soro ta koma. Daga ƙarshe ya ce, "Na ji. Zan nuna musu komai." Na ɗauka mun gama.

Ranar jarrabawar na taso daga Kongo na wuce gida na jira shi. Ya shigo da la'asar fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka an daɗe. Ya zaro takardar tambayoyi daga aljihu ya miƙo mini.

"Duba mini. In kin samu kuskure ɗaya, ki faɗa."

Na juya takardar. Gaba da baya, gefe da gefe, babu wurin da fensir bai taɓa ba. Ƙananan lambobi a jere, ninkawa, rabawa, kowane mataki yana nan, har da lita da mita. Duk makin hanyar da na yi wata da watanni ina roƙo, ga su a hannuna, a Ƙofar Gayan.

Na ce, "Yaya, ka kwafe wannan a littafin amsa?"

"Na farkon na kwafe su tsaf, sai kin gani. Sai mai tsaron jarrabawa ya ce lokaci ya kusa, na bi sauran na sa musu amsoshinsu. Ai duk daidai ne. Duba mana."

"Nawa ka kwafe?"

Ya nuna mini da yatsa inda ya tsaya. Ko sulusin takardar bai kai ba.

Na duba ɗin, tun da ya ce in duba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsaye a kaina, matarsa tana bakin ƙofa da kwanon fura. Haushi ya cika ni, na rasa wanda zan huce a kansa.

"Akwai kuskure?"

"Babu, Yaya. Ko ɗaya."

"To alhamdu lillahi," in ji shi, ya karɓi furarsa.

Ban gaya masa ba. Ya riga ya miƙa littafin, faɗar ba za ta dawo da shi ba. Matarsa ce ta kalli fuskata ta gane, ta juya ciki.

Da sakamako ya fito, aka kawo sabon hedimasta, wani saurayi da Yaya ya koyar a aji huɗu. Yaron yana da ladabi, har ƙasa yake gaishe shi. Da aka tashi rubuta sunansa a allon ƙofar ofis, duk makarantar babu mai hannun Yaya, shi aka roƙa. Na bi ta wurin ranar, na sami Yaya a kan benci da gwangwanin fenti. Ya ja layuka da alli don haruffan su miƙe, ya rubuta sunan, ya jira fentin ya sha iska. Sannan ya jiƙa tsumma ya bi layukan allin ya goge su, har sai da babu wanda zai ce an taɓa jan su.