Tambayar Gwaggo

Ranar da ƙungiyarmu ta mata ta zaɓe ni in yi jawabi a kartiyenmu, wato unguwarmu, a Arlit, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba don murna. Maganar a kan tsofaffin ƙarafan da suka fito daga ma'adinin uraniyom ce, waɗanda mutane suka mayar baho da ƙofa da murhu. Wasu na ɗauke da guba, kuma ido ba ya gani. Mun samu aron na'urar awo, abin da muke so kawai shi ne mata su fito da kayansu a auna.

Jawabin bai dame ni ba, surutu gadona ne. Tambayoyin da za su biyo baya nake tsoro, don na san halina: a taɓa ni kaɗan, sai in hau sama. Shugabarmu ta ce in rubuta tambayoyin da na fi ƙin ji, kowacce a kan guntun kwali, amsa a bayansa. Amsar kada ta wuce numfashi ɗaya. Kada in maimaita baƙar magana, abin da ban sani ba in ce ban sani ba, in ƙare da abin da mutum zai iya yi.

Na yayyanka kwalin shayi, na nufi wurin Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ta zo daga Damagaram tun tana amarya. Mijinta ya yi aiki a ramin ma'adinin har ya yi ritaya, ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Ba wanda ya kai ta iya kwaikwayon mutane. Ta zauna kan turmi, ta karkace ɗankwali, ta zama matar maƙeri.

"Ke, kamfani ne ya biya ki ki kashe mana sana'a?"

Na soma kawo tarihin ƙungiya tun daga tushe. Ta yi hamma da gangan.

"Na yi barci, ɗiyata. Sake."

Muka yi ta yankewa har amsar ta koma: "Ba wanda ya biya ni. Ƙarfen da aka auna ba shi da komai, ku ci gaba da aikinku da shi." Sai Gwaggo ta zama tsohuwa mai cewa ai ta wanke nata da toka. Na rubuta: "Wanki ba ya ba da tabbaci, awo ke bayarwa." Muna yi muna dariya har da hawaye, ni kuwa ji nake kamar a tara mini garin gaba ɗaya yanzu.

Sai ta gyara ɗankwalinta, ta dubi babban bahon da ke gindin randa. Mijinta ne ya kawo ƙarfen, a ciki ta yi wa 'ya'yanta duka wanka.

"To, shi ne ya kashe mini malam?"

Wannan da muryarta ta yi. Na ce a'a da sauri, don in kwantar mata da hankali.

"Kin sani?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"To, rubuta hakan. In kika yi wa mace ƙarya a kan mamacinta, ba za ta sake jin maganarki ba."

Wannan kwalin ya fi kowane ba ni wuya. Na soke, na sake.

Ranar taro, rumfa ta cika har waje. Jawabi ya tafi sumul. Matar maƙeri ta gaske ta miƙe, ta jefo kusan tambayar da muka shirya. Daɗi ya kusa sa ni dariya. Na ja numfashi, na ba ta amsarta, ta zauna tana gyaɗa kai. Mai wanki da toka ma ta fito, sai dai ita da omo take yi.

Daga nan tambayoyi suka ƙare. Na ce wa za ta fara kawo kayanta? Kowa ta sunkuyar da kai. Na gane tsoronsu: kusan kowane baho miji ne ko uba ya kawo shi, wasunsu suna ƙarƙashin ƙasa. Murnata ta fara tsiyayewa.

Gwaggo ta miƙe daga baya. Ba ta karkace ɗankwali ba.

"Bahon da mijina ya kawo, shi ne ya kashe shi?"

Ban ko duba kwalin ba.

"Allah ya jiƙansa, Gwaggo. Ban sani ba, na'urar ma ba za ta faɗa ba. Abin da za ta faɗa shi ne ko jikokinki za su iya wanka a ciki gobe. Ki kawo mu auna."

"Ga shi can bakin ƙofa," in ji ta. "Da shi na zo."

Ta ratsa mata, ta ɗauko shi a ka, ta dire gaban na'urar. Kafin a kunna, na ga mata sun fara zamewa ta bayan rumfa, na ɗauka guduwa suke yi. Ashe gida suka nufa. Ta farko da ta dawo, murhu ta rungumo.