Auta Da 'Yan Matan Shagon Ɗinki

Na fara sanin Auta a shekarar da na ajiye aiki a maɗaba'a. Wata ƙungiya mai wayar da kan matasa ta ɗauke ni in riƙa duba mata Hausa, ita kuwa Auta ita ce mai rubuta abin da zan duba.

Aikinta shi ne jerin hotunan nan na waya da ake ja da yatsa, kowane shafi da 'yar maganarsa. Mu da muka koyi rubutu a makarantar mishan, da allo da alli, an hore mu mu cika shafi daga gefe zuwa gefe. Ita kuwa akwatin da mai zane yake bar mata bai fi tafin hannu ba.

Ran nan aka turo mana saƙo da Turanci kan 'yan damfara masu tallar aikin bogi. Na ɗauka za ta jawo ƙamus. Sai ta karanta sau biyu, ta rufe kwamfuta, ta ce, "Baba Malam, taso mu je wajen Gwaggo."

Gwaggon nan tela ce, tana da shago a ƙasan benenmu da 'yan mata masu koyon ɗinki. Tana ganinmu ta ɗaga hannu, kekuna suka yi tsit.

"Kin zo ki kashe min aiki ko, 'yar nema?"

"Minti kaɗan, Gwaggo."

"Haka kika ce jiya, har gawayin guga ya mutu."

Auta ta fara karanta musu wata tsohuwar fassarar saƙon da ƙungiyar ta taɓa yi: "Kare kanka daga zambar ɗaukar aiki ta hanyar tabbatar da sahihancin mai ɗaukar aikin."

Wata mai aska a hannu ta ce, "Anti, sanarwar rasuwa ce?" Aka kwashe da dariya.

Sai Auta ta ajiye takardar, ta ba su labarin da baki, wayarta na ɗaukar murya. Nan take shago ya kaure. Wannan ta ce an yi wa yayanta haka, waccan ta ce, "Ai da zarar sun ce ka turo kuɗin fom, ka gudu!" Ni dai ina tsaye ina kallon ikon Allah. Da muka koma sama, daga bakin yaran nan ta tsinto kalmominta. Shafin farko ya zama: "An ce ka samu aiki, amma sai ka fara turo kuɗi? Tsaya tukuna." Kowane shafi magana ɗaya tak, ƙarshensa kuma yana jan yatsa zuwa na gaba. Na ƙarshe ya ce: "Tura wa abokinka mai neman aiki." Na yi shekaru ina gyara rubutun mutane, ban taɓa ganin wanda yake rubutu da kunne kamar yarinyar nan ba.

Matsalar ita ce shugabar shirin ba ta jin Hausa. Ta sa aka mayar mata da rubutun Turanci, ta jera shi kusa da na asali, ta ga layi bai bi layi ba. Ta ce Auta ta sauya saƙo, kuma idan haka take aiki, ba za a sabunta kwantiraginta ba. Da aikin nan Auta take riƙe da mahaifiyarta.

Aka tambaye ni. Na bi gargaɗin ɗaya bayan ɗaya, na nuna babu wanda ya faɗi a hanya, sai dai sun sauya riga. Shugabar ta ce to a saka duka biyun, tsohuwar fassarar da rubutun Auta, a gani.

Na farko, mai zane sai da ya ƙanƙance haruffa kafin su shiga akwati, alƙaluma kuma suka nuna mutane ƙalilan ne suka kula shi. Na Auta kuwa aka yi ta turawa, ana adanawa. Wani yaro ya rubuta a ƙasa cewa saura ƙiris ya tura kuɗin da ya ranto. Shugabar ta sa aka fassara mata wannan, sannan ta ce a bar Auta ta yi yadda ta saba.

Bayan 'yan makonni na sauka in karɓi rigata da aka rage wa hannu, na tarar da shago cike da baƙin fuskoki. Gwaggo ta ja ni gefe.

"Malam, mutanen nan daga ina? Kowa sai ya ce a waya ya gan mu. Ni kuwa ban ba kowa talla ba."

Wata cikin masu jira ta miƙo min wayarta. Hotunan ɗinkin shagon ne, an jera su tsaf. Shafin farko ya ce: "Telanki ya sake cewa ki dawo gobe?" Babu sunan wanda ya rubuta, amma na gane salon Auta. Na miƙa mata wayarta, na ce wa Gwaggo ta ƙaro benci.