Hannuna na dama da ciwon Baba

Shekara uku Baba ya yi a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye, wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, shi ke nan. Ni da matata muka yi jinyarsa, ita ta fi ni ma, don ni kullum ina kasuwar Ɗan Issa wajen dako, buhun masara da na wake a ka daga wannan mota zuwa waccan. Ita ke juya shi, ita ke ba shi koko a baki.

Da ƙuruciya na taɓa kokowa. Ban yi suna ba, amma na fito da ɗabi'a ɗaya: fom, wato ka kifa a ƙasa kan tafin hannu da yatsun ƙafa, ka sauka ka tashi. Bayan sallar asuba nakan yi talatin hannuwa a buɗe, sun wuce faɗin kafaɗa, sannan in matso da su ƙarƙashin ƙirji, gwiwar hannu na gogar haƙarƙari, in yi ashirin. Maƙwabta na yi mini tsiya wai ina yi wa ƙasa gaisuwar surukai. Ban taɓa kula su ba.

Wata biyar da rasuwar Baba, na gama fom na buɗe lafiya, na matso da hannuwa, na sauka. Da na zo tashi, hannun hagu ya miƙe, na dama ya ƙi. Babu wani zafi na kirki. Kawai na aike shi bai je ba. Na faɗi kan kafaɗa, haɓata ta daki ƙasa.

Na daɗe a kwance. Dama. Ɓarin da Baba ya rasa. Na sake gwadawa, ya sake ƙi. Na buɗe hannuwa sosai, sai ga ni na tashi, ko da yake ina jin jikina na karkata hagu.

To, sai na yi abin da matsoraci ke yi. Na daina na matse gaba ɗaya. Kullum in ware hannuwa in yi talatin ɗina, in ce wa kaina mai shanyayyen jiki ba ya haka. Amma yatsan tsakiya na hannuna na dama ya fara yin dindiris kamar na kwana a kansa, wuyana kuma na riƙewa in na sauke buhu. In na shiga banɗaki sai in tsaya ina motsa baki, ina shafa kumatu in ji ko ya karkace. Ɗakin da Baba ya kwanta na daina bi ta ƙofarsa. Ban faɗa wa kowa ba, har matata. Ina jin tsoro ƙwarai.

Mako uku ina haka. Ranar da na zo tura buhu cikin mota hannun ya lanƙwashe, buhun ya dawo mini a ƙirji, ranar ban koma gida kai tsaye ba. Na sauka a asibitin garinmu.

Manjo, babban ma'aikacin jinya na wurin, dattijo ne mai furfura a gemu, ya san Baba, ya sha zuwa gidanmu auna shi. Ina zama na ce, "Manjo, ciwon Baba ya kama ni."

Bai yi dariya ba, bai kuma ce a'a ba, wannan ya ƙara tsinka mini zuciya. Ya auna tansiyona, wato hawan jini. Ya ce in yaƙe haƙora, in rufe ido in miƙa hannuwa biyu, in taka zuwa ƙofa in dawo. Sannan ya ce, "Yaushe ka hwara ganewa?"

Na ba shi labarin fom. Nan ya ajiye biro.

"In ka buɗe kana tashi, in ka matse ba ka tashi?"

"Haka ne."

"Sauka nan ka gwada mini."

Na kifa kan siminti, da girmana, mata biyu na leƙe ta taga. Na ware hannuwa na yi uku. Ya durƙusa ya danna ƙirjina da yatsa, ya danna gaban kafaɗata. "Ka ji nan ya yi tauri? In hannu na buɗe, naman ƙirji da na gaban kahwaɗa su ka ɗaukar mafi yawan kayan. Gwiwar hannu ba ta lanƙwashewa da yawa, aikinta kaɗan ne." Ya bugi cikina da bayan hannu. "Wanga kuma da ɗuwawu su ka riƙe ka miƙe kamar katako, kuma naka na riƙewa daidai. To, matso da su."

Na matso. Hannuna na rawa tun kafin in sauka. Ya kama bayan damtsena na dama da hannu ɗaya, na hagu da ɗayan. Na sauka, na yunƙura, na zube.

"Na hagu ya yi tauri a hannuna," in ji shi. "Na dama laushi. Naman bayan damtse shi ka miƙe gwiwar hannu. In ka matse, ƙirji na aiki har yanzu, amma gwiwa ta lanƙwashe sosai, sai wanga nama ya miƙe ta. Da ka buɗe, ɓoye shi ka yi bayan ƙirji."

Ni dai ban ji sauƙi ba. Na ce, "Ke nan ya hwara mutuwa."

Ya zaunar da ni. Ya ce in ja hannunsa zuwa gare ni da hannun dama, na ja har ya kusa faɗowa. Ya ce in tura, na kasa. Ya ƙwanƙwasa bayan gwiwar hannuna da 'yar guduma, na hagu ya zabura, na dama shiru. Sai ya kwantar da kaina baya, ya karkata shi dama, ya ɗan danna. Wani abu kamar wutar lantarki ya tsarga daga wuyana har yatsan tsakiya, na yi ƙara.

"Mi kake ɗauka bisa kai?"

"Buhu."

"Shekara nawa?"

"Sha huɗu."

Ya koma kujerarsa. "Ban ga alamar ciwon tsohonka ba. Bakinka daidai, ƙahwarka daidai, tansiyo daidai. Ina zaton jijiya ce ta matsu a wuya, wadda ka ba bayan damtse ƙarhi. Za ni rubuta maka takarda ka tahi Maraɗi a yi hoto a tabbatar. Amma daga yau ba buhu bisa kai, ba fom, sai abin da suka ce."

Maganar barin buhu ya kamata ta tayar mini da hankali, da shi nake ci da gida. Wallahi ko a jikina a lokacin. Na fito na zauna gindin itacen bedi na ƙofar asibiti na huta, sannan na nufi gida.

Na tarar da matata tana tankaɗe a tsakar gida. Na tsuguna gabanta na kwashe komai na faɗa mata, tun daga safiyar da na faɗi har takardar Maraɗi. Ina jira ta yi faɗa don na ɓoye mata. Ta ajiye rariya a hankali.

"Na sani, Malam," ta ce. "Ina bakin ɗaki ran da ka hwaɗi."

"Kin sani ba ki ce komi ba?"

"Kai ma ba ka ce ba." Ta goge hannu a zane, hawaye na bin fuskarta. "Baba ba shi da nauyi, ni ɗaya nike juya shi. Kai kuwa mako uku ke nan, in ka wuce sai in bi ka da ido, ina auna ko zan iya juya ka."