Maganar Komawa Kan Buhun Wake

Ban taɓa zama a aji ba, amma a unguwarmu ta Birnin Kudu babu wadda ta kai ni iya ba da labari, kuma ba ni na fara faɗin haka ba. Shekara arba'in ina yi wa yara tatsuniya, na farko sun yi jikoki. Abin da mutane ba su lura ba shi ne, fara labari kowa ya iya. Wahalar tana wurin da yaro zai katse ki ya ce, to ina uwar kurar take, ki ba shi amsa, ki koma daidai inda kika tsaya ba tare da sauran sun watse ba.

Matar autana ta yi sakandare. A shekarar da nake ba da labarinta, wata ƙungiya da ke aiki tare da malaman gona ta ɗauki mata goma sha biyu gwaji, su riƙa zagaya ƙauyuka suna koya wa mata ajiyar wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ba a sa masa magani. An ce bayan wata ɗaya, mutum shida za a riƙe daga cikinsu. Tana son aikin ƙwarai. Tun aurenta ba ta taɓa samun abin da za ta ce nata ne ba sai wannan.

An ba su takarda mai abu bakwai da za su faɗa a jere cikin minti arba'in, daga shanya wake har ya bushe sarai, zuwa duba ledar ko da huji, zuwa matse iska da ɗaure kowace leda daban, har zuwa yadda ake ajiye buhun. Ta haddace tsaf. A tsakar gida takan karanta wa kaji ba tuntuɓe. Amma ranar da ta je ƙauyen Wurno ta dawo da la'asar ta shige ɗaki ba ta ci abinci ba. Daga bakin ɗana na ji labari. Tana kan abu na biyu wata dattijuwa ta tambaye ta yaushe za a kawo taki, daga taki aka koma tsadar iri, daga nan aka koma wani dillali da ya cuci mutane. Lokaci ya ƙare buhun yana ninke a hannunta.

Shekara tara muna gida ɗaya, ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba, ba ta taɓa karɓe magana daga bakina ba. Tarbiyyar gidansu ce, kuma ina alfahari da ita. Sai dai tarbiyyar ce ta kayar da ita a Wurno, domin duk tsohuwar da ta buɗe baki, sai ta ga kamar ni ce.

Washegari na kira ta ƙarƙashin dalbejiya, na ce ta zo da takardar da biro. Na tambaye ta ko ba a koya musu abin da za su ce idan an ja su gefe ba. Ta ce an koya, ta karanta mini: na gode da wannan tambaya mai muhimmanci, yanzu bari mu koma kan batunmu.

Na ce, "Idan kika faɗa wa sa'ata wannan, kin ce mata ta yi shiru ke nan. Za ta yi shirun, amma ta gama sauraronki."

Muka zauna aiki. Na ce ta karanta abu na farko, ni kuma na zama matan ƙauye. Na tambaye ta taki, na tambaye ta ko buhun kyauta ne, na ce kakata toka take sawa. Duk tambayar da ta tsayar da ita, ta rubuta a gefen wurin da ta taso. Sannan muka nema wa kowacce abu biyu: amsa gajera, wadda ba ta wuce numfashi ɗaya ba, da maganar da za ta mayar da ita kan takardar. Na nuna mata yadda nake yi da yara. Ba a barin maganar mai tambaya a ƙasa a tsallake ta. Kalma ɗaya ake ɗauka daga bakinsa a tafi da ita. Idan mace ta ce waken bara ya yi mata gari, sai ki ce ƙwarin da suka mayar da shi gari da iska suke rayuwa, shi ya sa za mu matse ledar nan. Kin amsa, kin kuma koma.

Ita ma ta gyara ni. Da muka zo kan taki na ce ta ce yana nan tafe, bayan an gama da wake. Ta sunkuyar da kai ta ce ba ta san ko yana tafe ba, kuma an hana su yin alkawarin abin da ba ya hannunsu. A tatsuniya idan yaro ya matsa mini, ina iya ƙirƙiro wa kura uwa nan take. A nata aikin babu wannan. Muka rubuta cewa maganar taki ba ta san ta ba, za ta kai wa malamin gona, amma abin da aka riga aka noma shi ta zo a tsare. Ta kuma ja layi ƙarƙashin jimlar da za ta sauka a kai, don kada ta dawo ta maimaita abin da ta riga ta wuce.

Na so a sa wata magana da nake ji da ita, wato ta riƙa ce wa tsohuwar da ta katse ta, "kamar yadda Inna ta faɗa." Na ce tsohuwa idan aka jingina mata magana takan ji daɗi ta yi shiru. Ta rubuta. A Kangire ta gwada ta a kan wata da ta ce leda tana dafa wake. Matar ta gyara zama ta ce, "Ni ban faɗi haka ba, 'yar nan. Kada ki sa mini magana a baki." Aka yi dariya, aka ɓata minti goma. Duk da haka ta kai abu na biyar a ranar.

Da ta faɗa mini, na san kuskuren nawa ne. Na ce ta soke. Muka raba abin gida uku. Wadda aka amsa mata, a ɗauki kalmarta a wuce. Wadda amsarta tana gaba, a ce mata ta riƙe tambayar, a kuma tabbata an waiwaye ta idan an iso wurin. Wadda ta musa, kada a ce ta yarda, a ce mata ga inda muka bambanta, a miƙa mata ledar ta duba da hannunta yayin da ake ci gaba.

Zama na ƙarshe a Farin Dutse aka sa shi, can ƙasar Gwaram, kuma a nan mai duba su za ta zo, wata Hajiya mai tabarau wadda ke zama a baya da takarda tana yin alama a kan kowane abu da aka faɗa. Na ce zan raka ta, ina da 'yar ƙanwa a garin da na daɗe ban gani ba. Ta ce to, Inna.

A tsakar gidan mai unguwa aka yi, da hantsi, mata sun kai talatin a kan tabarmi. Na zauna a gefe. Ta fara, aka tambaye ta ko buhun kyauta ne, ta amsa ta wuce. Wata ta tambayi ɓera tun ana abu na uku, ta ce mata ta riƙe ɓeran nan, za a zo kansa. Da ta kai na shida, inda ake ɗora buhu kan katako nesa da bango, ta juya ta nemi matar ta ce ga ɓeranki. Ina jin maganganuna suna fita daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, raina ya yi fari.

Saura abu ɗaya, sai wata tsohuwa ta ce su da a tulu suke ajiya, a liƙe baki da laka, me ya fi wannan. Surukata ta ɗan tsaya. Yanzu na san numfashi take ja. A lokacin gani na yi kamar ta maƙale, sai na ji bakina ya buɗe.

Ina da labarin tulu. Na shekarar da mahaifiyata ta liƙe tulun wake uku kafin ta tafi jinyar yayarta, ta bar mu da kakarmu. Labari ne mai daɗi, akwai akuya a ciki, akwai maƙwabciya mai leƙe. Na fara da niyyar jimla biyu. Matan suka juyo gaba ɗaya suka ba wa buhun baya. Wanda bai taɓa riƙe mutum talatin da bakinsa ba, ba zai san yadda tsayawa take da wuya ba. Na ga Hajiya mai tabarau ta duba agogo, na gani sarai, na ci gaba.

Na kai inda muka fasa lakar tulu na farko don mu ɗebi na ɗanwake, muka mayar da murfi muka ce ba wanda zai sani. Na ja numfashi zan shiga maganar akuya.

"Inna, a nan zan karɓe ki," in ji surukata. Kowa ya ji. "Tulun da kuka buɗe, shi ne ya lalace, ko ba haka ba?"

Na ce shi ne.

"To abu na bakwai ke nan. Tulu da buhu duk iska suke hanawa. Idan kin ɗaure, kada ki buɗe don ɗiban na yau, ki ware na ci daban tun farko. Akuyar kuma, idan mun tashi Inna tana nan."

Matan suka yi dariya suka juya wajenta. Ta gama, ta sa biyu daga cikinsu suka ɗaure ledar da hannunsu. Ni kuwa ina zaune, kunya ta kama ni. A gaban baƙi, matar ɗana ta karɓe magana daga bakina. Bayan an tashi wasu sun zo neman ƙarshen labarin, na ba su a gajarce, ba daɗi.

Muka hau motar komawa, har muka wuce Gwaram. Sannan na tambaye ta a ina ta samo wannan maganar da ta karɓe ni da ita, tunda ba mu rubuta ta tare ba. Ta juya takardar ta nuna mini bayanta, ko da yake ta san ba na karatu. Ta ce tun ranar da na ce zan raka ta ta zauna ta rubuta. Ta san idan aka ambaci tulu ba zan iya haƙuri ba, kuma ta ji labarin ya fi sau ashirin. Wuri uku ta nema a cikinsa inda za ta iya shiga, gwargwadon inda take a takardar: wurin shanya, wurin liƙe baki, da wurin buɗewa. Ta ce ta roƙi Allah kada ta buƙaci ko ɗaya. Ta ce in yafe mata.

Na ce ta karanta mini sauran biyun. Ta karanta a hankali saboda fasinja. Ta wurin shanyar ta yi tsawo, na faɗa mata, na rage mata rabi.

Bayan mako biyu aka kira ta a waya, tana cikin shidan. Ta yi aikin kaka uku a jere, daga baya har sababbi ake turo mata ta koya musu. Ban sake raka ta ko'ina ba, ita ma ba ta ce in zo ba.