Mai Aski da Ƙwayoyin Siriri

Tarihin likitanci bai san mutumin da ya sadaukar da kansa ga ilimi kamar Mai Aski ba. Haka shi yake faɗa wa duk wanda ya zauna a kujerarsa, kuma ba a musu da mutumin da ya ɗora maka aska a maƙogwaro. Abin da ya kai shi ga wannan sadaukarwa dai gwiwa ce.

Shekarunsa talatin a tsaye a bayan ƙeyar mutane. Jiki ya yi ta ƙaruwa, gwiwar dama ta gaji da dakonsa. Likitan ƙashi ya ce ba zai yi mata aiki ba sai nauyi ya ragu sosai, in kuwa ba a yi ba, tsayuwa ta kusa gagara. Mai Aski ya gwada barin tsiren dare da shan shayi ba sukari, ya ga rayuwa ba ta yi masa laifin da zai hukunta ta haka ba.

Ana nan ya ji asibitin koyarwa na neman masu ƙiba don bincike. Wata likita matashiya ta zaunar da shi ta yi masa bayani. A hanjin kowa akwai ƙwayoyin halitta bila adadin, kuma wasu bincike sun ga na masu ƙiba sun sha bamban da na sirara. Amma ba a san wa ya haifi wa ba, don abin da mutum ke ci shi ma yana canja su. An taɓa ɗibar ƙwayoyin hanjin tagwaye, mai ƙiba da siriri, aka zuba wa ɓerayen da aka raina ba ƙwaya ko ɗaya a cikinsu. Waɗanda suka samu na mai ƙiba suka fi tara kitse.

"Amma Baba, ɓera daban, mutum daban," in ji ta. "Ba mu sani ba ko zai yi aiki. Rashin sanin ne ya sa muke gwadawa."

Mai Aski ya ji zancen ɓera, sauran ya bi iska.

Maganin kafso ne daskararre, cikinsa ƙwayoyin da aka tace daga bayan gidan wani siririn bawan Allah da aka tantance lafiyarsa. Rabin mutanen za su sha na gaske, rabi na bogi, kuma ko likitar ba ta san rabon kowa ba sai an kammala.

"Maigida, na wa ka ce?" in ji matarsa, da ya ba ta labari a gida.

"Ilimi ne, ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Kofinka dai daban daga yau."

A bencin jira ya yi aboki, wani direban tasi mai tumbi irin nasa. Tare suke haɗiya, tare suke runtse ido. Da watanni suka ja, Direba ya fara ƙara huda a bel ɗinsa, sikeli kuwa ya kafe wa Mai Aski a inda ya same shi. Lissafin a bayyane yake: an ba Direba na gaske, shi an mai da shi ɗan rakiya. Ya daina amsa gaisuwar likitar da kyau. A shago ya riƙa cewa shi da yake mata kallon 'ya, ta dubi furfurarsa ta ba shi hoto. Likitan ƙashi ya sake auna shi, ya sake ɗaga aikin.

Duk da haka akwai daɗi a cikin wannan fushin. Tunda na bogi ya sha, na gasken yana nan yana jiransa, kuma ya ƙudura sai an biya shi da shi.

Ranar bayyana sakamako ya sa rigarsa mai kyau, ya shiga ofis bai zauna ba.

"'Yar nan, ba rigima na zo yi ba. A ba ni irin na Direba, mu rabu lafiya."

Ta duba kwamfuta, ta dube shi.

"Baba, zauna. Kai na gaske ka sha."

Ya zauna.

"Kuma sun kama. Mun duba, ƙwayoyin mutumin nan suna cikinka, sun yi gida. Nauyin ne bai motsa ba. Da muka haɗa duka, ba wani bambancin kirki tsakanin rukunin biyu. Wannan ma sakamako ne mai amfani, kuma da ku aka samo shi."

"Wato baƙi na sauka, suna cin abincina, ba sa ko shara?"

"Kusan haka."

"To ɓerayen fa? Ƙarya suka yi?"

"Ba su yi ƙarya ba. Ɓeraye ne."

Ya nemi abin da zai kama ta da shi, ya tuna duk ta faɗa masa tun ranar farko, wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ya tambayi rabon Direba, ta ce sirrin wani ba ya fita daga bakinta.

Bai sha wahalar nema ba. A bakin ƙofa ya tarar da Direba yana sharar gumi. Da bakinsa ya faɗa masa na bogi ya sha. Tasinsa ce ta lalace tun farkon binciken, ya koma tura baro a kasuwa.