Dola Ɗari Shida a Kan Tabarmar Kawu

A bazarar da na cika shekara biyu ina aikin fassara ta intanet, na samu aikin da ya fi ƙarfina. Wani kamfani ne a waje yake son a juya masa ɗan littafin noma daga Faransanci zuwa Hausa da Barbarci, a kan dalar Amurka ɗari shida, wadda mu nan Damagaram muke kira dola. Hausa dai tawa ce. Barbarci kuwa, in an wuce gaisuwa, sai dai in yi murmushi.

Na ɗauki moto na nufi unguwar Birni wajen Kawu, yayan mahaifiyata. Tsohon mushe ne, wato malamin boko, ya yi shekaru yana koyarwa a lakwal ta ƙauyukan Damagaram Takaya, har Barbarci ya zauna masa a baki. Shi ya koya mini lissafi ina yaro, da bulalarsa a gefe. Na nuna masa allon waya, ya gyara tabarau ya karanta.

"Ɗari shida," ya ce. "Yaya za mu yi?"

"Raba daidai, Kawu."

Ya tambayi nawa dola take a ranar, na duba na ce sefa ɗari shida da ashirin. Ya ɗauki bik ya rubuta a bayan kaye, littafinsa na rubutu: jaka ɗari uku da saba'in da biyu, kowa jaka ɗari da tamanin da shida. Jaka, ga wanda ba ɗan nan ba, sefa dubu ce. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi, irin wanda yake ja wa amsar da ta yi daidai. Na ga layin, ban kuma gaya masa ana yankar wani abu a hanya ba.

Ba zan ce ban san ana yanka ba. Amma ayyukan da na saba yi na dola ashirin ne, talatin, abin da ya fito sai in karɓa in sayi kati da shinkafa, ban taɓa zama na ƙidaya ba. A wannan dandali kuwa, wato shafin da ke haɗa mai aiki da mai neman ma'aikaci, sabo ne ni. Ga shi kuma ina jin daɗin yadda tsohon yake kallona, kamar yau na zama mutum.

Kwana ashirin muka yi muna aiki. Shi yana rubutawa da hannu a zaure, ni ina bugawa a ordinatar, wato kwamfuta, duk lokacin da kuran, wutar lantarki, ya ga damar zuwa. Muna faɗa a kan sunan ciyawa. Ranar da na tura aikin, mai shi ya amince, sai na ga abin da ya shiga asusuna a dandali: ɗari huɗu da tamanin. Dandalin ya cire kashi ashirin cikin ɗari. Ƙasa kuma an rubuta cewa kuɗin ba za su taɓu ba sai bayan kwana goma sha huɗu.

Na ce gobe zan je in gaya masa. Goben ta zo, na ce bari in fara sanin iyakar asarar, kada in kai masa rabin magana. Jibi kuwa sai ga shi ya kira ni da kansa, murya cike da fara'a. Ya je karar shanu ta Tirmini, inda yake da gonar gado, ya ga san huɗa na jaka ɗari biyu. Ya ba da jaka ashirin kafin alƙalami a gaban dillali, an sallama masa. Saura ɗari da tamanin, zai cika da rabonsa.

"Madalla, Kawu," na ce. Abin da ya fito daga bakina ke nan, Allah ya yafe mini.

Waɗannan kwanaki goma sha huɗu ban ji daɗinsu ba. In na zauna, sai in tashi. In na buɗe waya don wani abu, sai in tarar da kaina ina duba farashin dola. Mu a nan mun girma muna jin cewa sefa ba ta motsi, tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya kullum ɗari shida da hamsin da biyar da 'yan kai. 'Yan kasuwar Kano ne muke yi wa dariya, su da nairarsu mai tashi da faɗuwa. Na manta cewa ba da yuro aka yi cinikina ba. Dola tana hawa tana sauka a gaban yuro, ita ma sefa sai ta bi. Ina kallo, ɗari shida da ashirin ta koma da sha biyu, ta koma da biyar, ta tsaya a ɗari shida cif.

Hanyata ta zuwa kasuwa ta ƙofar Kawu take bi. Na sake hanya, ina zagayawa ta bayan makaranta, ina ƙona mai a banza. Matata, wadda take wata takwas da ciki a lokacin, ta ce ina juya tuwo a kwano kamar wanda ake bi bashi. Na ce zafi ne.

Da kwanakin suka cika, na tura kuɗin daga dandali zuwa kamfanin biyan kuɗi na waje da nake da katinsu. Wannan turawar dola uku ce, saura ɗari huɗu da saba'in da bakwai. Na tafi banki da hantsi. Injin cirar kuɗi na farko babu rezo, wato layin sadarwa ya yanke. Na biyu babu kuɗi. Na uku akwai layi har bakin titi, ranar biyan albashi ce, na tsaya a rana bayan wani soja ina ta lissafi a kai.

Injin ba ya ba da fiye da jaka ɗari da hamsin a cira ɗaya, dole na cira sau biyu. Kowace cira, kamfanin kati ya ɗauki dola uku, bankin mai injin ya ɗauki jaka uku. Canjin kuma ba a ɗari shida suka yi mini ba, sun rage kashi uku cikin ɗari, dola ta zama ɗari biyar da tamanin da biyu. Wannan ya fi ba ni haushi, don ba a rubuta shi a matsayin caji ba, a cikin farashin yake kwance, sai ka raba da kanka za ka gano. Na fito da jaka ɗari biyu da sittin da biyar. Kimanin jaka uku suka maƙale a katin, don injin ba ya ba da ƙasa da biyar.

A inuwar bankin na yanke shawara. Zan ba Kawu ɗari da tamanin da shida kamar yadda ya ja wa layi, in riƙe saba'in da tara, in rufe bakina. Na ma ji kaina wani gwarzo. Na yi canji wajen mai sayar da kati, na sa nasa a ambulan, nawa a aljihun wando.

Bayan la'asar na same shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa ambulan. Bai karɓa ba.

"Mene ne wannan?"

"Rabonka, Kawu."

"Wa ya raba?" Ya share tsakiyar tabarma da tafin hannu. "Haka ka ga kakanka yana yi da abokin fataucinsa? Zuba duka nan. A gaban mai shi ake rabo."

Na manta da wannan, ni da na tashi a gidan. Kakanmu fatake ne, kuma ko goro aka haɗa kuɗi aka saya, ba a kawo wa mutum kasonsa a ƙulle. Ana zubewa a tsakiya, ɗaya naka ɗaya nawa, kowa yana gani.

Na zazzage ambulan. Na ciro na aljihu na aje a gefe. Ya dubi tulin nan biyu, babba da ƙarami. Sannan ya tura mini kaye da bik.

"Rubuta. Daga sama."

Na rubuta kamar ina aji uku. Ɗari shida, a cire ɗari da ashirin. A cire uku. A cire shida. Ɗari huɗu da saba'in da ɗaya sau ɗari biyar da tamanin da biyu. A cire jaka shida. Ya bi da yatsa, ya sake ninkawa da kansa, ya gyaɗa kai.

"Dillalai huɗu a kan sa ɗaya," ya ce, "kuma ba wanda ya riƙe igiya. To, kasuwarsu ce. Lissafin ya yi." Ya cire tabarau. "Wannan ɗari da ashirin ɗin, yaushe ka san da shi?"

"Ranar da na tura aikin."

"Kafin in je Tirmini."

"E, Kawu."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya haɗa kuɗin wuri ɗaya ya fara rabawa, ɗaya gabana ɗaya gabansa, har da canjin, kowa ya tashi da jaka ɗari da talatin da biyu da rabi. Na ce ya bari in cika masa abin da ya rage na san, ko da rance ne.

"Da kuɗin ragon sunan ɗanka zan yi huɗa? Ɗauki abinka. Ranar kasuwa ka zo da moto."

Ranar kasuwa na kai shi Tirmini. San yana ɗaure a turke, ja, mai faɗin ƙirji, ko ni da ban san shanu ba na ga abin da ya gani. Kawu ya shafa masa wuya, sannan ya juya ga dillali da mai shi. Mutumin da ban taɓa jin ya faɗi magana ya janye ba, ya tsaya a gaban jama'a, da furfurarsa, ya ce ya yi ciniki da kuɗin da bai riƙe ba, yana roƙo a warware. Bai ambaci sunana ba. Mai san ya yi gunaguni, ya cire jaka biyar na harawar da dabbar ta ci, ya mayar masa da sha biyar. Ni ina tsaye a bayansa, kunya ta hana ni ɗaga kai.

A hanyar dawowa bai dafa kafaɗata ba kamar yadda ya saba, ƙarfen bayan moto ya riƙe. Gabas ta fara haɗa hadari. Sai da muka shigo gari, na tsaya a ƙofarsa, ya sauka yana kakkaɓe riga.

"In wani aikin ya zo," ya ce, "ka kawo mini. Amma adadin ƙasan lissafi za ka fara faɗa mini, ba na saman ba."

Damina ta sauka bayan sati biyu. A shekarar, da shanun haya ya yi huɗa, bayan masu su sun gama tasu.